Yadda ake karanta ƙamus ba tare da ma'anar farko ta yaudare ka ba

A ce gobara ta tashi a wata kasuwa, bayan kwana biyu wani ya turo maka labarin da Turanci a waya. A ciki akwai jimloli biyu. Ta farko ta ce: "The committee was charged with investigating the fire." Ta biyu ta ce: "A trader was charged with starting the fire."

Jimlolin kamar an tsaga kara. Kalma ɗaya ce a tsakiyarsu, wato "charged", kuma abin da ke biye da ita iri ɗaya ne. Amma ta farko cewa take yi an ɗora wa kwamiti alhakin binciken gobarar, ta biyu kuma cewa take yi ana tuhumar wani ɗan kasuwa da tayar da gobarar. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'ana ɗaya ya shafa wa jimlolin biyu, to ko dai ya mayar da 'yan kwamiti waɗanda ake tuhuma, ko kuma ya ce ɗan kasuwar aiki aka ba shi ya cinna wa kasuwa wuta. Idan ya fassara hakan ya tura wa jama'a, ya ɓata sunan mutane ba tare da ya sani ba.

Mu Hausawa mun daɗe da aron wannan kalma. Muna cewa cajin waya, muna cewa caji ofis, muna cewa banki ya caje ni. Saboda mun saba da ita, sai mu ɗauka mun san ta. Shi ya sa na zaɓe ta domin mu bi ta daki-daki a shafin ƙamus, mu ga abin da kowace alama ke faɗa wa mai karatu.

Abin da ke saman shafi

Abu na farko shi ne ba za ka sami "charged" a matsayin aiki da shafinsa na kansa ba. Ƙamus yana jera kalmomi ne da asalin siffarsu, kafin a ƙara musu ɗafin lokaci ko na jam'i. Don haka "charge" za ka nema. Manhajojin waya kan mayar da kai can da kansu, amma ba kullum ba, domin akwai wata "charged" ɗin da take sifa ce mai zaman kanta, wadda ake amfani da ita ga yanayi mai cike da zaman ɗarɗar. Idan wayar ta kai ka wannan shafin, ka sauka a tashar da ba taka ba.

Kusa da kalmar akwai wasu baƙaƙe a tsakanin layuka biyu masu karkata. Furuci ne. Sau da yawa iri biyu ake bayarwa, na Birtaniya da na Amurka. A waya ba sai ka wahalar da kanka da koyon baƙaƙen ba, akwai hoton lasifika da za ka taɓa ka ji da kunnenka.

Abin da ya fi muhimmanci a saman shafin shi ne 'yar kalmar nan da ido ke tsallakewa: "noun" ko "verb", a wasu ƙamusoshin kuma a taƙaice, "n." ko "v." Ita ce ke faɗin ajin kalmar a nahawu. "Noun" shi ne suna, "verb" shi ne aikatau, "adj." sifa, "adv." kuma bayanau.

Dalilin da ya sa wannan alama take da nauyi a Turanci shi ne, kalma ɗaya takan zama suna ta kuma zama aikatau ba tare da ta sauya ko harafi ɗaya ba. A Hausa galibi siffar kalmar tana nuna maka: "rubuta" aiki ne, "rubutu" suna ne, "gyara" da "gyare-gyare" ba a rikita su. A Turanci kuwa "charge" ɗin nan suna ce a wani wuri, aikatau a wani wuri, kuma ƙamus yana raba su gida biyu, kowanne da jerin ma'anoninsa. A shafin intanet na Oxford Advanced Learner's Dictionary kowannensu da shafinsa daban, sai ka duba gefe ko ƙasa ka ga ɗayan. A na Merriam-Webster kuma suna shafi ɗaya, amma an rubuta "1 of 2" a kan na farko, abin da ke nufin akwai na biyu a ƙasa. A ƙaramin allon waya, wannan na biyun yana can nesa, kuma mutane da yawa ba sa gangarawa su kai gare shi.

To yaya za ka san wanne kake nema? Jimlarka ce za ta faɗa maka, ba ƙamus ba. Duba abin da ya zo kafin kalmar. Idan ka ga "a" ko "the" ko "of" ko "in" a gabanta, suna ce. Idan ka ga "was" ko "has been" a gabanta kuma ta ƙare da "-ed", ko ta biyo bayan wanda ya yi aikin kai tsaye, aikatau ce. A jimlolinmu biyu akwai "was charged", don haka gidan aikatau za mu shiga. Da wannan mataki kaɗai mun zubar da kusan rabin ma'anonin da za su iya ruɗa mu, tun ba mu karanta ko ɗaya ba.

A wasu kalmomin har furuci yana sauyawa da ajin kalmar. "Record" idan suna ce ana ƙarfafa gaɓar farko, idan aikatau ce ana ƙarfafa ta biyu. Wanda ya saurari furucin a shafin da ba daidai ba zai koyi abin da ba shi yake nema ba.

Lambobin nan ba matsayi ba ne

Yanzu mun shiga gidan aikatau. Abin da za mu tarar shi ne jerin ma'anoni masu lamba: 1, 2, 3, har ƙasa. A cikinsu akwai neman kuɗi a kan kaya ko aiki. Akwai tuhumar mutum da laifi a hukumance. Akwai yin kukan kura a afka wa wani, kamar yadda sa yake taso wa mutum. Akwai cika batir da wuta. Akwai kuma ɗora wa wani nauyin wani aiki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar lamba ta 1 a matsayin ainihin ma'anar, sauran kuma 'yan rakiya. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna tsarin da masu ƙamus suka bi wajen jerawa ne kawai, kuma tsarin ya bambanta daga ƙamus zuwa ƙamus.

Babban ƙamus na tarihi, Oxford English Dictionary, yana bin tarihin kalma ne. Abin da ya fara zuwa shi ne tsohuwar ma'ana, ko da yau ba mai amfani da ita. Kalmar "charge" ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga wata kalmar Latin mai nufin loda kaya a keken doki. Don haka a ƙamus irin wannan, abin da za ka fara cin karo da shi shi ne ɗora kaya. Ƙamusoshin da aka yi domin masu koyon Turanci kuwa, irin na Oxford da A. S. Hornby ya tsara aka buga a 1948, ko na Longman da ya fito a 1978, bugunsu na zamani yana ƙoƙarin fara kawo ma'anonin da aka fi amfani da su a yau. Wannan ya fi amfani ga mai karanta labarai, amma ko a nan ɗin, abin da aka fi amfani da shi a duniya ba lallai ya zama shi ne abin da ke cikin jimlarka ba.

Tarihin nan yana da ɗan amfani da ya kamata a tsaya a kai. Idan ka riƙe cewa asalin kalmar loda kaya ne, sai ka ga zaren da ya ɗinke ma'anonin. An loda wa batir wuta. An loda wa mai saye kuɗi. An ɗora wa ɗan kasuwa laifi. An ɗora wa kwamiti nauyi. Hausa ma haka take yi da "ɗora": a ɗora kaya, a ɗora laifi, a ɗora alhaki, a ɗora haraji. Ba wanda zai ji an ce "an ɗora masa" ya yanke hukunci kafin ya ji abin da aka ɗora.

Hanyar da ta fi sauri wajen zaɓen ma'ana ita ce kada ka fara da karanta bayanin kowace lamba. Fara da duba ƙirar jimlar da aka rubuta da baƙi mai kauri a ƙarƙashin kowace lamba. Ƙamusoshin masu koyo suna nuna kalmomin da ke tafiya tare da kowace ma'ana. A ƙarƙashin ma'anar kuɗi za ka ga "charge somebody for something". A ƙarƙashin ma'anar tuhuma za ka ga "charge somebody with something". A bugun takarda akan taƙaita "somebody" zuwa "sb", "something" zuwa "sth", wani lokaci kuma a sa wata 'yar alama mai lanƙwasa a madadin kalmar kanta domin rage wuri. Ƙaramar kalmar da ke tsakiya, "for" ko "with", ita ce mabuɗin. Jimlolinmu "with" suke da ita, don haka ba batun kuɗi ba ne. Mun sake rage jerin.

Akwai kuma harufa biyu da ake sawa a farkon ma'ana, T da I, ko cikakkun kalmomin "transitive" da "intransitive". Su ne abin da malaman nahawun Hausa ke kira aikatau so-karɓau da aikatau ƙi-karɓau. Na farko yana buƙatar wanda aikin ya faɗa wa, kamar "kama", wanda dole a ce an kama wani ko wani abu. Na biyu yana tsayawa da kansa, kamar "zauna". Idan aka ce "The bull charged" aka sa aya, babu wanda aikin ya faɗa wa a jimlar, don haka ma'anar da ke da alamar I kake nema, wato san ya yi kukan kura. Tuhumar kotu ba za ta shiga nan ba, domin dole a faɗi wanda aka tuhuma. Haka kuma jimlar da aka gina da "was charged" tana nuna an yi wa wani aikin ne, kuma aikatau so-karɓau ne kaɗai ke shiga irin wannan gini.

Bayan duk wannan tankaɗe da rairaya, ma'anoni biyu suka rage mana, kuma duk biyun suna tafiya da "with": tuhuma, da ɗora nauyi. A nan ne misalan da ke ƙarƙashin kowace ma'ana suke aikinsu. Waɗanda ke ƙarƙashin tuhuma za ka ga sunayen laifuka ne ke biyo baya, irin su kisa, sata, zamba. Waɗanda ke ƙarƙashin ɗora nauyi kuwa ayyuka ne, kuma waɗanda ake ɗora wa galibi kwamiti ne ko hukuma ko jami'i. Sai ka koma jimlarka ka yi tambaya: binciken gobara laifi ne? A'a, aiki ne. Tayar da gobara fa? Laifi ne. An raba gardama.

Gwaji na ƙarshe shi ne ka ɗauki ma'anar da ka zaɓa ka mayar da ita cikin jimlar, ka karanta har da jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta. Idan ta zauna daram, ka samu. Idan sai ka matsa mata kafin ta shiga, koma jerin.

Wani abu da masu yaɗa labarai ke yawan tuntuɓe da shi: bayanin ma'anar tuhuma yana nuna cewa zargi ne aka yi a hukumance domin a kai mutum gaban kotu. Bai ce an same shi da laifi ba. Wannan wata kalma ce daban, "convict". Wanda ya karanta bayanin har ƙarshe ba zai rubuta cewa "an kama ɗan kasuwa da laifi" ba, zai rubuta "ana tuhumarsa".

Jaridun Najeriya na Turanci suna da wani amfani da kalmar da suke ƙauna ƙwarai, inda za ka ga kanun labari na cewa gwamna "charges" matasa su yi kaza. Ba kotu ya kai su ba, ba kuma kuɗi ya nema ba. Ya hore su ne, ko ya buƙace su. Reshe ne na ma'anar ɗora nauyi, kuma ana gane shi da kalmar "to" da ke biyo bayan waɗanda aka hora.

Harufan C da U

Mu leƙa gidan suna. A nan za ka ga wasu harufa biyu, C da U. C na nufin abin da ake iya ƙirgawa, yana da tilo da jam'i. U na nufin abin da Turanci ba ya ƙirgawa, ba ya ɗaukar "a" a gabansa, ba ya kuma ɗaukar "-s" a bayansa.

Wannan ita ce alamar da nake ganin ta fi kowace amfani ga Bahaushe mai rubuta Turanci, domin a nan harsunan biyu suka raba hanya. A Hausa muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki. Sai hannu ya saba, mu rubuta "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures". Duk kalmomin huɗu U ke gabansu a ƙamus, kuma mai duba takardar jarrabawa ko takardar neman aiki zai ja musu layi. Idan ana so a ƙirga su sai a kawo wata kalma ta ɗauke su, a ce "a piece of advice", kamar yadda mu ma ba ma cewa gishiri uku sai dai ƙullin gishiri uku.

Abin lura shi ne alamar tana manne da ma'ana ne, ba da kalmar gaba ɗaya ba. "Charge" mai nufin tuhuma ana ƙirga ta, shi ya sa ake cewa an janye "charges" uku. Mai nufin alhakin kula da wani abu kuwa U ce. Don haka idan ka ga kalmar da "-s" a labari, mafi yawa kuɗi ne ko tuhuma.

A wannan gidan ne kuma za ka sami dunƙulallun maganganu, waɗanda wasu ƙamusoshin ke sawa a ƙarƙashin ma'anar da ta dace, wasu kuma su tara su can ƙasan shafi. "Free of charge" kyauta ne. "In charge of" shi ne mai kula da wani abu. Amma ka ƙara "the" kaɗai, ka ce "in the charge of", magana ta juye: yanzu wanda aka ambata da farko shi ne ake kula da shi. Malama tana "in charge of" yara, yaran kuma suna "in the charge of" malama. Harufa uku ne suka raba mai riƙo da wanda ake riƙo.

Ina ake faɗar kalmar, kuma a gaban wa?

A gaban ma'anar ɗora nauyi, ƙamusun masu koyo kan rubuta wata kalma da karkataccen rubutu: "formal". Wannan ba ma'ana ba ce, bayani ne a kan inda kalmar ta dace. Tana nufin harshen ofis ne da takardun hukuma, ba na hira ba. Kishiyarta ita ce "informal", harshen hira tsakanin abokai. Akwai "slang", wato sara ko yaren 'yan zamani. Akwai "old-fashioned", abin da aka daina yayi. Akwai "offensive" da "taboo", kalmomin cin mutunci da batsa. Akwai kuma "approving" da "disapproving", masu nuna ko kalmar yabo ce ko suka.

Duk Bahaushe ya san wannan ilimin a harshensa, ko da bai taɓa buɗe ƙamus ba. "Ya mutu", "ya rasu", "ya riga mu gidan gaskiya" da "ya sheƙa barzahu" duk abu ɗaya suke faɗa. Amma ba mai zuwa gidan makoki ya ce mahaifin mutum ya sheƙa barzahu, ba kuma mai cewa akuyarsa ta rasu. Baƙon da ya koyi Hausa daga jerin kalmomi kawai zai iya yin duka biyun, a yi masa dariya ko a yi fushi da shi. To mu ma baƙi ne a Turanci, kuma waɗannan alamomi su ne ke ja mana kunne. "Die" da "pass away" da "kick the bucket" suna da bambancin da ya yi kama da namu, kuma ta ƙarshen ƙamus na nuna cewa ta hira ce da barkwanci. Wanda ya sa ta a saƙon ta'aziyya domin ya ga ma'anarta mutuwa ce, ya yi ɓaran-ɓarama. Haka "childlike" da "childish": duk suna nufin irin na yara, amma ta farko galibi yabo ce, ta biyu kuwa cewa ake mutum yana yarinta.

Akwai alamomin yanki, kamar "British English" da "North American English". Na Najeriya ma ya fara samun gurbi. A watan Janairun 2020 Oxford English Dictionary ya sanar da shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". A cikinsu akwai "severally" da ma'anar sau da yawa, yadda muke amfani da ita a nan. A Turancin wasu ƙasashe kuwa kalmar na nufin kowa daban-daban, kuma a takardun shari'a aka fi ganinta. Shigar ma'anar tamu cikin ƙamus na tabbatar da cewa ana amfani da ita, alamar yankin kuma na gaya maka cewa idan takardar taka za ta tsallaka teku, mai karantawa zai iya fahimtar wani abu daban.

Bayan waɗannan gajerun alamomi akwai dogayen bayanai da ake sawa cikin akwati, yawanci a ƙasan ma'anoni. A ƙamusun Oxford na masu koyo suna zuwa da take irin su "Synonyms" ko "Which Word?" ko "Grammar Point". A waya sau da yawa a naɗe suke, sai ka taɓa kafin su buɗe, shi ya sa ake wuce su. Su ne kuwa ke amsa tambayar da bayanin ma'ana ba ya amsawa: a cikin kalmomi biyar masu kama da juna, wacce zan ɗauka? Mu da kalmar "kuɗin" muke gama komai: kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin haya, kuɗin tara. Turanci kuwa kowanne da sunansa. Na mota "fare", na makaranta ko na lauya "fee", na haya "rent", na tara "fine", "charge" kuma kuɗin da ake karɓa a kan kaya ko wani aiki da aka yi maka. Mai karatu kawai zai iya wuce akwatin. Mai rubutu kuwa, a ganina, nan ne ya kamata ya fi daɗewa.

Idan ƙamus ɗin na Hausa ne

Tsarin bai sauya ba, sai dai abubuwan da ake yi wa alama sun bambanta, domin matsalolin Hausa daban ne. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya ma haka. Ƙamus yana ba kowannensu gurbinsa daban, domin kalmomi ne daban, ba ma'anoni biyu na kalma ɗaya ba. A ƙamusun Hausa zuwa Turanci na Paul Newman, wanda aka buga a 2007, layi a kan wasali na nuna dogo ne, 'yar alama mai gangarowa daga hagu zuwa dama na nuna karin sauti na ƙasa, wasalin da ba shi da alamar kari kuma na sama ne. Da haka za ka ga garin tuwo da dogon wasalin farko, garin zama da gajere. Kukan hawaye sautinsa sama-sama ne, kukar miya kuma ta faɗi a gaɓa ta biyu.

A wurin da ƙamusun Turanci ke sa C da U, na Hausa yana nuna jinsi da jam'i, domin su ne ba a iya cankowa. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, amma "gida" da "ruwa" da "suna" maza ne, kuma ba wata doka guda da za ta kai ka daga "gari" zuwa "garuruwa" ta kuma kai ka daga "doki" zuwa "dawaki". Aikatau ma da siffa ɗaya ake jera shi. Wanda ya ga "sayi" a jimla, "saya" zai nema, kuma a kusa da ita zai tarar da danginta irin su "sayo" da "sayar". Lambar da Newman ke sawa kusa da aikatau ba lambar ma'ana ba ce, tana nuna rukunin aikatau ne a tsarin da masanin nan F. W. Parsons ya fito da shi.

Tsohon ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana nuna kalmomin da suka keɓanta da wasu yankuna kamar Katsina da Sakkwato, wanda shi ne takwaran alamar Birtaniya da Amurka. Sai dai a tuna da shekarunsa: an buga shi kafin a tsayar da ƙa'idar rubutun da muke bi yau, don haka ba za ka ga ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa ba, da wasu alamomi aka bambanta su, kuma wasu kalmomin da ya kawo yanzu sai a bakin tsofaffi. Wanda ke son bayanin Hausa da Hausa kuwa, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006.

Mai son gwada hannunsa ya buɗe ɗaya daga cikinsu ya nemi "ci". Ya ƙirga ma'anonin da zai wuce daga cin tuwo zuwa cin jarrabawa, cin kasuwa, cin amana, cin bashi da cin sarauta, sannan ya duba ko nawa ne a cikinsu ke da alaƙa da baki.